Idan An Ɗage Taro: Yadda Ake Sanar da Jama'a Ba Tare da An Zubar da Amana Ba

  

'Yan'uwa masu karatu, duk wanda ya taɓa shirya walimar saukar Alƙur'ani ko wa'azin shekara ya san cewa wani lokaci tilas a ɗage. Malami kan yi rashin lafiya, a kan yi rasuwa a unguwa, ko wurin da aka kama ya ƙi samuwa. Ɗagewa ba aibi ba ce. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne su ji labarin a bakin titi, ko kuma su iso su tarar da ƙofa a rufe. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki.

A ce makarantarmu a nan Kumasi ta sa walimar sauka ranar Lahadi 6 ga wata. Sai ranar Talata kafin ta, aka sami tabbacin cewa malamin da ya karantar da yaran, wanda kuma shi zai yi musu addu'a, yana kwance a asibiti. Kwamiti ya zauna a daren, ya yanke a mayar da walimar Lahadi 20 ga wata. To, daga nan me ya kamata a yi?

Wa za a fara gaya wa?

Kada a jira sanarwar Juma'a. Daga Talata zuwa Juma'a kwana uku ne, kuma a cikin kwanakin nan ne mutane ke kashe kuɗi. Ƙa'idar ita ce a fara da wanda jinkiri zai fi cutarwa. Na farko iyayen yaran, domin su ne suka gayyato dangi. Na biyu baƙi na nesa: wanda zai taso daga Tamale ko Ankara ya riga ya nemi izini a wurin aiki, wataƙila har ya biya kuɗin mota. Waɗannan a kira su a waya ɗaya bayan ɗaya, kar a dogara da saƙo kawai. Na uku mata masu girki da mai hayar kujeru da rumfa. Shinkafa da mai za su jira mako biyu, amma tumatir da nama ba za su jira ba, don haka a tsayar da cefane da yanka tun safiyar Laraba. Bayan waɗannan sai sanarwa ga jama'a baki ɗaya.

Me za a faɗa?

Sanarwa mai kyau tana amsa tambayoyi biyar: wane taro, me ya sa, yaushe ne yanzu, me ya canja kuma me bai canja ba, sannan wa za a tambaya. Ga yadda za ta kasance a misalinmu:

"Assalamu alaikum. Kwamitin makaranta yana sanar da iyaye da jama'a cewa walimar sauka da aka sa ranar Lahadi 6 ga wata ba za ta yiwu a ranar ba. An mayar da ita Lahadi 20 ga wata, ƙarfe goma na safe, a harabar masallaci kamar yadda aka tsara tun farko. Dalili shi ne rashin lafiyar Malam, kuma muna roƙonku addu'a. Katin gayyata da aka raba yana nan da ƙarfinsa. Gudummawar da aka tara tana hannun ma'aji, ba a taɓa ta ba sai abin da aka bayar na kafin alƙalamin rumfa. Idan Malam bai samu sauƙi ba kafin ranar, na'ibinsa zai jagoranci addu'a, ba za a sake ɗagewa ba in sha Allahu. Mai tambaya ya tuntuɓi sakataren kwamiti. Muna ba ku haƙuri."

Ku lura, jimlar farko ta faɗi abin da ya faru kai tsaye. Da yawa daga cikinmu sai mun yi doguwar godiya ga sarakai da malamai kafin mu zo kan maganar, alhali mai saurare ya riga ya sa takalmi. Ku kuma lura an ambaci sunan rana tare da kwanan wata. Idan aka ce "15 ga Sha'aban" kawai, sai a sami saɓani na kwana ɗaya, domin watanmu yana bin ganin jinjiri, kuma kalandar bango ba lallai ta dace da shi ba. Amma Lahadi Lahadi ce a wurin kowa.

Game da dalili, a faɗi gaskiya a taƙaice. "Saboda wasu dalilai" ƙofa ce ta zato: kafin la'asar za ka ji ana cewa an cinye kuɗi ko kwamiti ya rabu. Sai dai faɗin gaskiya ba ya nufin tona asiri. An ce Malam ba shi da lafiya, ya wadatar, ba sai an faɗi ciwon ba, kuma shi ma a nemi yardarsa tukuna.

Idan ba a tsayar da sabuwar rana ba fa?

Kada a ƙirƙiro rana don a kwantar wa mutane da hankali. Ɗagewa ta farko jama'a za su yi uzuri, ta biyu kuwa ita ce ke kashe taro. Haka kuma kada a ce "sai yadda hali ya yi". A ce: "Za mu sanar da sabuwar rana bayan sallar Juma'a mai zuwa." Sannan a cika wannan ƙaramin alƙawari, ko da abin da za a faɗa shi ne ana buƙatar ƙarin mako guda. Ɗalibai su tuna Hudaibiyya: umrar da ba ta yiwu ba a shekara ta 6 bayan hijira, an rubuta a yarjejeniya cewa za a yi ta a shekara mai zuwa, da zaman kwana uku a Makka, kuma haka aka yi a shekara ta 7. An ɗage, amma da lokaci sananne.

Ta ina sanarwar za ta bi?

Ta duk hanyar da gayyatar ta bi. In an yi shela a masallatai huɗu, a koma duka huɗun. In an tura takarda a WhatsApp, a tura sabuwa tare da saƙon murya, saboda iyayenmu da ba sa karanta boko, kuma a fassara wa waɗanda ba su jin Hausa sosai. Takardar da aka manna a bango a cire ta, ko a rubuta "AN ƊAGE" da sabuwar rana a kanta da manyan baƙaƙe. Mutum ɗaya ne zai rubuta sanarwar, sauran su isar da ita yadda take, ba ragi ba ƙari.

Ta yaya za a gane ta isa? A tambayi mutum uku ko huɗu bayan sallar isha'i, har da ɓangaren mata: "Yaushe ne walimar?" In amsoshi suka bambanta, to da sauran aiki. A ranar 6 ga wata kuma, a sa mutum biyu su zauna a bakin masallaci daga ƙarfe tara, domin ba a rasa wanda labari bai kai masa ba. A tarbe shi, a ba shi ruwa, a ba shi haƙuri baki da baki. Sannan ranar Juma'a 18 ga wata a sake tunatarwa cewa jibi walima tana nan.

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wallahu a'alamu.