Fassara a jikin bidiyo ko a fayil daban: ina kowace ke aiki?

Mai shirya fim ya ɗora tallar fim ɗinsa a YouTube da fassarar Turanci a ƙasa. Da aka sauke bidiyon aka yaɗa shi a WhatsApp, sai fassarar ta ɓace. Dalili kuwa, tun farko ba a jikin hoton take ba.

Tana cikin wani ƙaramin fayil ne, irin su .srt, mai ɗauke da kowace jimla da lokacin fitowarta. YouTube na karɓar .srt da .vtt, Facebook ma na karɓar .srt. Mai kallo na iya kunna ta ko kashe ta, kuma idan an yi kuskure, fayil ɗin kawai za a gyara. Sai dai a adana shi a tsarin UTF-8, don kada ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe.

WhatsApp kuwa ba ya haɗa irin wannan fayil da bidiyo, don haka dole a manna rubutun a jikin hoton tun wajen tacewa. Duk inda bidiyon ya je, da fassararsa zai je, amma gyaran harafi ɗaya sai an sake fitar da bidiyon gaba ɗaya. Gara ma a ƙara girman haruffan, domin WhatsApp na matse bidiyo, ƙananan rubutu su dusashe.