Abin da ya sa maganin zuciya kan shaƙe mai asma

A ce magidanci ne ɗan shekara 55, mai fama da asma tun yana saurayi. An auna jininsa a kemis, aka ga ya hau, aka ba shi furofaranolol, tsohon maganin hawan jini mai araha. Bai daɗe da haɗiyarsa ba ƙirji ya fara shaƙewa, numfashi yana fito. Ya ɗauko abin shaƙarsa na salbutamol ya fesa kamar yadda ya saba, amma shiru. Maganin ba jabu ba ne, jinin ma ya sauka. To me ya haɗa maganin zuciya da huhu?

Amsar tana cikin jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya, narkar da abinci, zufa da fitsari ba da umarninmu ba. Reshe biyu gare su. Na farko, simfatetik, shi ke tashi idan mutum ya firgita ko zai yi gudu, kuma akasari da noradirenalin da adirenalin yake aika saƙo. Na biyu, farasimfatetik, na lokacin hutu da cin abinci ne, saƙonsa kuma asitilkolin. Saƙon ba ya aiki sai ya sauka a kan wani furotin da ke jikin ƙwayoyin gaɓar, wanda za mu kira makarɓa. Kamar kwaɗo da makulli ne: magani bai san zuciya ko huhu ba, kwaɗon da ya dace da shi kawai ya sani, kuma duk ƙofar da ya tarar da irinsa zai buɗe ta ko ya toshe ta.

A 1948 Raymond Ahlquist ya raba makarɓan adirenalin gida biyu, alfa da beta, daga baya aka gano kowane gida yana da rassa. Beta-1 tana zuciya, inda take ƙara sauri da ƙarfin bugu, tana kuma ƙoda, inda take sa a saki renin mai ɗaga jini. Beta-2 tana cikin tsokar bututun numfashi, kuma aikinta sassautawa ne domin iska ta wuce. Salbutamol beta-2 yake taɓawa. Furofaranolol, wanda James Black ya samar kafin ya sami kyautar Nobel a 1988, yana toshe beta-1 da beta-2 gaba ɗaya. Da ya toshe ta farko jinin magidancin ya sauka, da ya toshe ta biyu bututun ya tsuke, salbutamol kuma ya iso ya tarar an riga shi wurin zama. A asibiti za a dakatar da maganin, a sa masa iskar oksijin, a ƙara masa ifiratirofiyum, wanda ke buɗe huhu ta wata makarɓa daban. Atenolol da bisofurolol sun fi karkata ga beta-1, amma wannan zaɓin yana raguwa idan aka ƙara yawansu, shi ya sa ko su ba a ba mai asma sai da lura. Har timolol da ake ɗigawa a ido saboda gulokoma yakan shiga jini ya tayar da asma.

Wanda ya san inda beta-2 take ba zai yi mamakin illolin salbutamol ba. Tana tsokar gaɓoɓi, shi ya sa hannu ke karkarwa bayan an fesa da yawa. Tana hanta, inda take sa a saki sukari. Tana mahaifa, inda take sassauta ta. Ita kuwa beta-3 mafitsara take sassautawa, kuma ita mirabegiron ke taɓawa ga mai yawan matsuwar fitsari.

Alfa-1 matsewa ta sani. Tana tsuke hanyoyin jini, tana faɗaɗa ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido, tana ɗaure bakin mafitsara. Fenilefirin da ke cikin wasu magungunan mura ita yake tayarwa, hanci ya buɗe, amma jini na iya hawa, dattijo mai kumburin furostet kuma fitsari ya ƙi fita. Tamsulosin yana toshe ta, fitsari ya sauko, sai dai jiri kan ɗebi mutum idan ya miƙe da sauri. Alfa-2 ta bambanta da 'yan'uwanta, domin idan aka taɓa ta a ƙwaƙwalwa saƙon simfatetik raguwa yake yi. Ta nan metildofa, da ake ba masu juna biyu, ke saukar da jini. Adirenalin shi ne mai taɓa alfa da beta duka, shi ya sa idan cizon zuma ko wata allura ta kumbura mutum har numfashi ya yi wuya, akan yi wa babba allurar miligiram 0.5 a tsokar cinya: alfa-1 ta ɗaga jini, beta-1 ta ƙarfafa zuciya, beta-2 ta buɗe huhu.

A ɗaya reshen, tun 1914 Henry Dale ya lura cewa asitilkolin yana aiki iri biyu, na maskarin da na nikotin. Makarɓan maskarin biyar ne, amma biyu suka fi shafar marar lafiya. M2 tana rage bugun zuciya. M3 tana kwararo da miyau, hawaye da majina, tana motsa hanji, tana matse mafitsara, tana tsuke huhu da ɗigon ido. Gumi ma M3 ce, duk da cewa jijiyarsa ta simfatetik ce. Makarɓan nikotin kuwa suna mahaɗar jijiyoyi da kan tsokar da muke motsawa.

Gubar fiya-fiya da wasu magungunan feshin gona tana nuna wannan a fili. Tana hana jiki rusa asitilkolin, sai ya taru a kan duk makarɓan nan. Mutum ya jiƙe da gumi, miyau na dalala, ga amai da gudawa, ɗigon ido ya koma kamar bakin allura, ƙirji ya cika da ruwa, tsoka tana rawa. Maganin gaggawa atirofin ne, mai toshe makarɓan maskarin. Ana fara wa babba da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, a riƙa ninkawa kamar duk minti biyar har ƙirji ya bushe, bugu ya haura 80. Kuskuren da akan yi shi ne jin tsoron yawansa a tsaya da wuri. Amma atirofin ba ruwansa da makarɓan nikotin, don haka tsokar numfashi na iya gazawa ko da ƙirjin ya bushe. A nan ake buƙatar furalidokzim da na'urar taimaka wa numfashi. Ɗura wa irin wannan mutum madara ko manja ba ya tsinana komai, ƙila ma ya shaƙe shi.

Mai shan zaƙami kishiyar wannan yake nunawa, domin dangin atirofin ne ke cikin tsiron. Baki ya bushe ƙamas, fata ta yi zafi ba gumi, ido ya faɗaɗa, zuciya na gudu, fitsari ya tsaya, ga sambatu. Hayosin da ake sha don murɗar ciki ɗan gidan nan ne, don haka dattijon da fitsari ke yi wa gardama, ko wanda aka ce yana da gulokoma, ya faɗa wa likita ko mai kemis kafin a miƙo masa.