Lamba 1700000000: Yadda Ake Fito da Kwanan Wata da Biro da Takarda

Wanda ya taɓa buɗe bayanan da kwamfuta ke ajiyewa a ɓoye, irin tarihin saƙonni ko rajistar shige da ficen kuɗi, zai iya cin karo da wata doguwar lamba a gurbin da ya sa ran ganin kwanan wata. Misali 1700000000. Ba shekara, ba wata, ba rana. Amma duk suna cikinta, har da awa da minti, kuma duk wanda ya iya rabawa irin ta ɗan firamare zai iya zaƙulo su.

Wannan lamba ƙidayar sakan ce. Tana faɗin sakan nawa suka shuɗe tun ƙarfe sha biyun daren da ranar Alhamis, 1 ga Janairu 1970, ta kama, bisa agogon duniya da ake kira UTC, wanda ya yi daidai da agogon Ghana. Tsarin ya samo asali ne daga Unix, manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 1969. Da farko ma ba sakan suke ƙirgawa ba. Sun tsaga kowane sakan gida sittin, suna ƙirga ɓarin, sai ta bayyana cewa wurin ajiyar lambar zai cika kafin shekara uku. Daga baya aka koma cikakken sakan, aka tsayar da farkon 1970 a matsayin mafari. Yau wayoyin Android da galibin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet da wannan ƙidayar suke aiki.

Aikin ya yi kama da na mai auna hatsi: a cika buhuna tukuna, abin da bai kai buhu ba a auna shi da tiya. Buhun a nan shi ne kwana ɗaya, wato sakan 86,400, domin awa 24 ce, kowace awa kuma sakan 3,600. Idan aka raba 1,700,000,000 da 86,400 za a sami 19,675. Kada a tsaya nan, domin saura yana da nasa amfanin. A ninka 19,675 sau 86,400, a sami 1,699,920,000, a cire shi daga lambar asali. Saura 80,000.

Yanzu lambar ta rabu biyu, kowane ɓangare da aikinsa. Kwana 19,675 su za su ba da shekara da wata da rana. Sakan 80,000 kuwa su za su faɗi ƙarfe nawa.

Na agogon ya fi sauƙi. A cikin 80,000 akwai 3,600 sau 22, wato 79,200, saura 800. A cikin 800 akwai minti 13, wato sakan 780, saura 20. Lokacin ke nan shi ne 22:13:20, ƙarfe goma na dare da minti sha uku da sakan ashirin.

Wajen kwanakin ne ake bukatar natsuwa, saboda shekarun kalandar Miladiyya ba tsawonsu ɗaya ba. Galibi kwana 365 ne, amma duk shekara huɗu akan sami doguwa mai kwana 366, wadda Fabrairunta ke kaiwa 29. Wanda ya raba 19,675 da 365 kai tsaye zai kauce da kusan mako biyu, domin ya zubar da ƙarin kwana 13 da dogayen shekaru suka tara daga 1972 zuwa 2020. Dabarar da ta fi ita ce a ɗaure shekaru huɗu-huɗu su zama ƙulli guda. Kowane ƙulli yana da 365 sau huɗu da ƙarin kwana ɗaya, jimla 1,461, kuma wannan adadi ba ya canzawa.

To, 1,461 yana shiga 19,675 sau 13, wanda ya cinye kwana 18,993, saura 682. Ƙulli 13 shekara 52 ke nan, kuma 1970 da 52 sun kai mu farkon 2022. Daga nan sai a bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. A cire 365 na 2022, saura 317. Wannan bai cika shekara ba, don haka ranar da ake nema tana cikin 2023.

Watannin ma haka ake bin su. Kwanakin da suka taru zuwa ƙarshen kowane wata, a shekarar da ba doguwa ba, su ne 31 a Janairu, 59 a Fabrairu, 90 a Maris, haka har 304 a ƙarshen Oktoba da 334 a ƙarshen Nuwamba. Tunda 317 ya wuce 304 bai kai 334 ba, watan Nuwamba ne, saura 13.

A nan ne hannu ke saurin rubuta 13 ga Nuwamba, kuma kuskure ne. Wannan 13 ɗin cikakkun kwanaki ne da suka riga suka wuce a watan. Idan kwana 13 sun cika sun wuce, ana cikin rana ta 14. Dalilin yana can tushe: ranar 1 ga Janairu 1970 kwana sifili ce a wannan ƙidaya, domin a ranar babu kwana ko ɗaya da ya shuɗe, alhali kalanda daga ɗaya take fara ƙirga ranakun wata. Saboda haka a matakin ƙarshe dole a ƙara ɗaya. Amsar ita ce 14 ga Nuwamba 2023, ƙarfe 22:13:20.

Ranar mako kuwa kusan kyauta take zuwa. A raba 19,675 da bakwai, saura biyar. A ƙirga biyar gaba daga Alhamis: Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Ranar Talata ce.

Sai dai wannan amsa ta agogon UTC ce. Ga mutumin Kumasi ko Accra, magana ta ƙare. A Kano da Damagaram da Garwa da Njamena agogo yana gaba da awa ɗaya, don haka 23:13:20 ne, ranar ba ta canza ba. A Khartum kuwa, inda tazarar ta kai awa biyu, lokacin ya zama 00:13:20, an riga an shiga Laraba 15 ga Nuwamba. Lamba ɗaya, rana biyu, kuma kowa yana da gaskiya. Abin da ya fi aminci shi ne a kammala lissafin gaba ɗaya a UTC, sannan a ƙara awannin gari, ana lura ko an tsallake sha biyun dare.

Misalin farko bai taɓo wani tarko ba, don haka ya cancanci a gwada na biyu. Lamba 1234567890 ta shahara a wurin masu harkar kwamfuta saboda yadda alƙalumanta suka jeru. Raba ta da 86,400 yana ba da kwana 14,288 da sauran sakan 84,690, wato 23:31:30. Ƙulli tara sun ɗauke kwana 13,149, sun kai mu farkon 2006, saura 1,139. A cire 365 na 2006, saura 774. A cire 365 na 2007, saura 409. Shekara ta gaba ita ce 2008, kuma doguwa ce, 366 za a cire. Saura 43 a cikin 2009. Janairu ya ɗauke 31, saura 12, a ƙara ɗaya: 13 ga Fabrairu 2009, ranar Juma'a.

Tarkon shi ne tsammanin doguwar shekara ita ce ta ƙarshe a ƙulli. Ba haka ba ne. Tunda ƙidayar daga 1970 ta fara, doguwa ta farko kuma 1972 ce, a kowane ƙulli ita ce ta uku: 365, 365, 366, 365. Wanda ya cire 365 a 2008 zai sauka a 14 ga Fabrairu. Hanyar gano hakan tana hannu, domin 14,288 idan aka raba da bakwai saura ɗaya, wato Juma'a, ita kuwa kalandar 2009 ta nuna 14 ga Fabrairu Asabar ce. Duk lokacin da ranar mako da kwanan wata suka ƙi jituwa, an yi tuntuɓe da kwana ɗaya a wani wuri. Haka nan idan ranar da ake nema ta faɗa cikin doguwar shekara kanta, daga ƙarshen Fabrairu jerin watannin yana ƙaruwa da ɗaya: 60, 91, har ƙarshen shekara.

Akwai kuma gwajin da ya kamata a yi tun kafin a ɗauki biro, wato ƙirga alƙaluman lambar. Daga 9 ga Satumba 2001, ranar da ƙidayar ta cika biliyan ɗaya, har zuwa shekarar 2286, alƙaluma goma ne. Idan aka ga sha uku, to ba sakan ake ƙirgawa ba, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne, kamar yadda harsunan Java da JavaScript suke yi. Sai a yanke uku na ƙarshe kafin a fara. Wanda bai yanke ba zai tsinci kansa a shekara ta dubu hamsin da biyar da ɗoriya. Akasin haka ma yana faruwa: manhajar da ke jiran alƙaluma sha uku, aka ba ta 1700000000, za ta nuna 20 ga Janairu 1970. Wannan yana cikin dalilan da ke sa wani lokaci a ga saƙon jiya ɗauke da kwanan watan 1970.

Mai kwamfutar Linux zai iya tabbatar da amsarsa da layi ɗaya:

```
date -u -d @1700000000
```

Mai lura zai tambaya ko da gaske kowane kwana sakan 86,400 ne cif. A agogon duniya ba kullum ba. Juyawar ƙasa ba ta tafiya daidai wa daida, shi ya sa daga 1972 aka riƙa cusa ƙarin sakan ɗaya lokaci-lokaci, har sau 27, na baya-bayan nan a daren 31 ga Disamba 2016. Ƙidayar Unix ba ta lissafa su. Wannan ya rage mata cikar gaskiya da sakan 27, amma shi ne ya sa lissafin hannu ya yiwu, kuma ciniki ne mai riba: ba don haka ba, da sai mutum ya riƙe jerin ranakun da aka yi ƙarin kafin ya raba komai.

Dabarar ƙulli ma tana da iyaka. Ƙa'idar kalandar da Fafaroma Gregory na 13 ya kafa a 1582 ta ce shekarar da ta cika ƙarni ba doguwa ba ce sai in tana rabuwa da 400. Shekarar 2000 ta rabu, shi ya sa 1,461 ya yi aiki ba tangarɗa a misalan nan biyu. Shekarar 2100 ba za ta rabu ba, don haka daga Maris ɗinta sai an gyara lissafin da kwana ɗaya.

Kafin nan akwai iyakar da ta fi kusa, kuma ta na'ura ce, ba ta takarda ba. Tsofaffin tsare-tsare suna ajiye ƙidayar a wurin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Raba wannan da 86,400 yana ba da kwana 24,855 da sakan 11,647, wato 03:14:07. Ƙulli 17 sun cinye kwana 24,837, sun kai farkon 2038, saura 18, a ƙara ɗaya: Talata 19 ga Janairu 2038, ƙarfe huɗu da minti sha huɗu na asubahi a agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta iya komawa 13 ga Disamba 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci an riga an faɗaɗa musu wurin ajiyar. Damuwar injiniyoyi tana kan ƙananan na'urorin da aka dasa cikin injuna da kayan masana'antu, waɗanda ake barin su suna aiki shekara ashirin ko talatin ba tare da an sabunta manhajarsu ba.