Tambari ko folda: wanne ya dace da imel ɗin mai shago?

Akwai wani ƙorafi da ake yawan ji a bakin 'yan kasuwa masu karɓar takardun kaya ta imel: wai Gmail yana cinye saƙo. Mutum zai rantse ya ajiye rasit a wuri kaza, ya goge "kwafin" da ya gani a wani wuri, da ya koma sai ya tarar duka biyun babu. Daga nan sai a fara zargin yaron shago, ko a ce an yi kutse. Mafi yawan lokuta ba a yi kutse ba, yaron ma bai taɓa komai ba. Mai shagon ne ya ɗauki tambari a matsayin folda, alhali abubuwa biyu ne da aikinsu ya sha bamban.

Folda wurin ajiya ce. A Outlook da Yahoo Mail, idan ka kai saƙo folda, ya bar inda yake ya koma can, kuma ba zai zauna a folda biyu ba sai dai in kwafi ka yi. Gmail kuwa, tun da Google ya fito da shi a 2004, bai bi wannan tsari ba. Saƙonninka duka suna zaune wuri ɗaya, wanda allo ke kira `All Mail`, kai kuma sai ka yi ta liƙa musu tambari, wato `Labels`. Abin da ke rikita mutane shi ne, tamburan suna jere a gefen allo tamkar foldoji.

A duba buhun kaya a tashar mota. An rubuta masa sunan mai shi, an rubuta garin da za shi, an ƙara da "ba a biya ba". Rubutu uku ne, amma buhu ɗaya ne. In ka goge "ba a biya ba", buhun yana nan. In ka ɗauki buhun ka jefar don ka gaji da ganin rubutu ɗaya, to sauran rubutun ma sun tafi tare da shi. Folda kuwa ita ce ɗakin da aka shigar da buhun: ko yana wannan ɗaki, ko yana wancan.

Wannan shi ne asalin ɓatan rasit. Saƙon da ke ɗauke da tambari biyu zai bayyana a wurare biyu, amma shi kaɗai ne. Ka danna `Delete` a ƙarƙashin ɗaya, ya fita daga ko'ina ya faɗa `Trash`, kuma bayan kwana 30 Gmail zai share shi gaba ɗaya. Wanda ya farga kafin wa'adin zai iya dawo da shi daga can. Haka nan masu goge "kwafi" don rage cunkoso wahalar banza suke sha, domin tambari ba ya ninka saƙo, ba ya kuma cin wani abin a zo a gani daga gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Ruɗanin yakan ƙaru idan an haɗa adireshin Gmail da manhajar Outlook a kwamfuta, saboda a can tamburan suna fitowa a siffar foldoji, saƙo ɗaya ya bayyana sau biyu.

Akasin haka ma yana faruwa. Goge tambari a Gmail ba ya taɓa saƙonnin da ke ɗauke da shi. Goge folda a Outlook kuwa yana tafiya da ita da duk abin da ke cikinta zuwa `Deleted Items`. Sannan maɓallin `Archive`, wanda mutane da dama ke tsoro, ba gogewa yake yi ba. Yana fitar da saƙo daga `Inbox` ne kawai, saƙon ya ci gaba da zama a `All Mail`, kuma idan wanda ya aiko ya sake amsawa, zai dawo gabanka da kansa.

To wanne ya fi wa mai shago? Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke sarin kaya daga wani dila a Legas. Dilan ya aiko da takardar kuɗin kaya, ba a biya ba tukuna. Wannan saƙo ɗaya yana amsa tambayoyi biyu: daga wa ya zo, kuma an biya ko ba a biya ba? A tsarin folda dole ka zaɓi ɗaya. In ka kai shi foldar dilan, ranar da kake lissafin bashin da ake binka ba za ka gan shi ba. In ka kai shi foldar bashi, ranar da kuka saɓa da dilan a kan farashi za ka buɗe foldarsa ka tarar da giɓi. In ka yi kwafi biyu, wata rana za ka gyara ɗaya ka manta da ɗayan.

Da tambari, sai ka liƙa masa `dila` da `bashi` tare. Duk ƙarshen mako ka buɗe `bashi` ka ga abin da ya rage a kanka. Ranar da ka biya, ka cire `bashi` kawai, saƙon ya ci gaba da zama a ƙarƙashin `dila`. In kana son ganin takardun diloli waɗanda ba a biya ba kaɗai, banda kuɗin haya da na wuta, sai ka rubuta wannan a wurin bincike:

```
label:dila label:bashi
```

A kula da maɓallai biyu masu kama da juna. `Label as` yana liƙa tambari ya bar saƙon a `Inbox`. `Move to` yana liƙawa sannan ya fitar da shi daga `Inbox`. Na biyun ne ke sa mutane su zaci folda suke amfani da ita.

Saƙonnin banki da na kamfanin na'urar cirar kuɗi, waɗanda ke zuwa kullum su binne takardu masu muhimmanci, bai kamata a riƙa bin su da hannu ba. A kwamfuta, buɗe ɗaya daga cikinsu, danna ɗigo ukun nan, zaɓi `Filter messages like these`, sannan `Create filter`. Ka sa alama a `Apply the label` ka zaɓi `banki`, ka ƙara da `Skip the Inbox (Archive it)`. Daga ranar, za su riƙa wucewa wurinsu kai tsaye. Amma kada a yi wa saƙon diloli haka, don abin da ya tsallake `Inbox` yana da sauƙin mantawa.

Tambari ma yana da nasa cikas. Ba ya cire kansa. In ka biya kuɗi ka manta da cire `bashi`, jerin zai riƙa yi maka ƙarya, har ka kusa biya sau biyu. Kuma sauƙin ƙirƙirarsa yana sa mutum ya tara talatin, ya rasa wanne ya liƙa wa me. A nan folda ta fi shi tsare mutum, musamman a shagon da mutum biyu ko uku ke buɗe adireshi ɗaya: ka'idarta ɗaya ce, kowane saƙo da gidansa. Mai amfani da Outlook ma bai rasa mafita ba, domin yana da `Categories`, alamomi masu launi da za a iya sa wa saƙo fiye da ɗaya ba tare da ya bar foldarsa ba.

Duk shagon da ke karɓar kaya bashi ko yake bayarwa, tambari ya fi masa, saboda takardunsa suna canza hali daga "ba a biya ba" zuwa "an biya". Huɗu sun isa a fara da su: `dila`, `kwastoma`, `banki` da `bashi`. Wanda ajiyar rasit kaɗai yake yi, folda ta wadatar da shi, ba sai ya sauya ba. Abin da bai kamata a ci gaba da yi ba shi ne miƙa wa yaron shago waya da kalmar sirri ba tare da an nuna masa bambancin `Archive` da `Delete` ba. Malam mai shago, ka zaunar da shi ka nuna masa yau, kafin takardar da za ta raba ka da rigima ta cika kwana 30 a `Trash`.