Gyara ko Ƙara Daraja? Lissafin Shagon Kafinta

Kafinta ya canza bel ɗin injin yankan katako a kan naira 15,000. Wannan gyara ne, domin injin ya koma yadda yake, don haka a cire kuɗin duka daga ribar bana. Amma da ya kashe 400,000 ya sa masa babbar mota mai ninka aikinsa, jari ya zuba. Sai a ɗora kuɗin kan darajar injin, a riƙa cire 80,000 duk shekara, in ana sa ran motar za ta yi shekara 5. Wanda ya rubuta motar a matsayin gyara, littafinsa zai rage ribar bana da 320,000, alhali shagon bai rasa komai ba.