Yadda na'ura ke karanta rubutun fom daga hoto, da inda take yin tuntuɓe

Hoton fom da aka ɗauka da waya tarin ɗige-ɗige ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel, kuma kwamfuta ba ta san akwai suna ko lamba a cikinsa ba. Fasahar da ke mayar da waɗannan ɗige-ɗige zuwa rubutun da za a iya kwafa, a bincika, a zuba cikin rajista, ita ake kira OCR. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki ita ce Tesseract, wadda kamfanin Hewlett-Packard ya fara ƙirƙira a 1985, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005. An gina ta ne domin bugaggen rubutu. Rubutun hannu wani fage ne dabam, kuma ba ta taɓuka abin kirki a kansa.

Aikin yana tafiya mataki-mataki. Da farko manhajar tana mayar da hoton baƙi da fari zalla, ta raba tawada da takarda. Daga nan ta nemo layukan rubutu, ta bi kowane layi tana hasashen haruffan da ke cikinsa gwargwadon abin da aka horar da ita a kai. Idan matakin farko ya lalace, na baya ba sa iya ceto shi, shi ya sa mafi yawan kurakuran da ake ɗora wa manhaja tun wajen ɗaukar hoto aka haife su.

Babban abin lura shi ne girman harafi a cikin hoton. Masu Tesseract suna ba da shawarar ɗigo 300 a kowane inci, wanda ga takardar A4 yake nufin fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da 4000 da 3000. Idan takardar ta cika hoton, an sami kusan ɗigo 340 a inci, ya wadatar. Amma idan mai ɗauka ya tsaya nesa har takardar ta kama rabin tsawon hoton kawai, saura tebur da tabarma, lissafin ya faɗo zuwa 170, ƙananan haruffa su fara narkewa cikin juna. Tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto na ƙara rage shi, don haka ya fi kyau a tura shi a matsayin fayil.

Sai haske. Hanyar da aka saba bi wajen raba baƙi da fari, wadda Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979, tana zaɓar iyaka guda ɗaya ga dukan hoton: abin da ya fi ta duhu tawada ne, abin da ya fi ta haske takarda. A hoton sikana wannan yana aiki sumul. A hoton waya kuwa, inuwar hannun mai ɗauka kan faɗa a kusurwa ɗaya, sai kusurwar ta koma baƙi ƙirin, rubutun da ke wurin ya ɓace. Alamar wannan matsala ita ce a ga saman fom ya fito daidai, wani sashe kuma babu komai ko sai tarkacen alamomi. Maganinta a shimfiɗa takarda kusa da taga ko a inuwar rumfa da rana, a kashe filashi, a riƙe wayar daidai saman takardar ba a karkace ba. Inda babu damar sake ɗauka, ana amfani da hanyar da ke lissafa iyaka dabam ga kowane ɗan yanki na hoton, a kuma miƙe kusurwoyin takardar huɗu kafin a karanta.

Fom yana da tasa matsalar da littafi ba shi da ita, wato layuka da akwatuna. Layin akwati a tsaye yakan fito a matsayin 1 ko l ko I, layin da ke ƙarƙashin rubutu yakan manne da wutsiyar g da y, hatimi kuma ya hau kan kwanan wata. Sai dai fom yana da wata fa'ida da ta rinjayi wannan duka: an riga an san abin da ya kamata ya kasance a kowane gurbi. A nan ne gyara na gaskiya yake.

A ɗauki gurbin lambar waya. An buga 08031234560, manhaja ta fitar da O8O3l23456O, domin sifili da harafin O sun yi kama, haka ma 1 da l, 5 da S, 8 da B. Maimakon a ba ta shafin gaba ɗaya, sai a yanko gurbin shi kaɗai, a gaya mata layi ɗaya ne, kuma alƙaluma kawai aka yarda ta fitar:

```
tesseract gurbi.png stdout --psm 7 -c tessedit_char_whitelist=0123456789
```

Bayan haka a auna sakamakon da ƙa'ida. Lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifili. NIN da BVN su ma 11 ne, lambar asusun banki kuwa 10. Duk wanda ya fito da ƙari ko ragi a ware shi mutum ya duba. A kuma kula lokacin zubawa cikin Excel, domin yana cire sifilin farko idan ba a mayar da ginshiƙin na rubutu ba, sai a zargi OCR da laifin da ba nata ba.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne alƙalami ya rikiɗe ya zama wani alƙalamin, kamar 8 ta koma 3, domin tsawon lambar bai canza ba. Wasu lambobi an tanadar musu alƙalamin tantancewa saboda haka. A layuka biyun da ke ƙasan shafin fasfo, ana rubuta ranar haihuwa 12 ga Agusta 1974 a matsayin 740812. Ana ninka alƙaluman da 7, 3, 1, 7, 3, 1 bi da bi, a sami 49, 12, 0, 56, 3 da 2, jimilla 122. Alƙalamin ƙarshe na jimillar, wato 2, shi ake bugawa a gaban ranar. Da manhaja za ta karanta 8 a matsayin 3, jimillar za ta zama 87, kuma 7 bai dace da 2 ba, nan take a gane an yi kuskure. Lambar asusun banki ma alƙalaminta na ƙarshe irin wannan aiki yake yi. Lambar waya ba ta da shi, saboda haka sai a dogara ga makin tabbaci, daga 0 zuwa 100, da Tesseract ke bai wa kowace kalma idan an nemi sakamako a tsarin `tsv`. Makin manuniya ce kawai, domin takan ba da maki mai yawa a kan amsar da ba daidai ba.

Sunayen Hausa suna buƙatar kulawa ta musamman. Manhajar da aka horar da Turanci ba ta san ɓ, ɗ da ƙ ba, sai ta ba da abin da ya fi kusa, Ɗambatta ta koma Dambatta, Ƙofar Mata ta rasa lanƙwasarta. Ga wuraren da aka san adadinsu gyaran yana da sauƙi: a kwatanta abin da ya fito da jerin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, a zaɓi mafi kusa. Sunan mutum kuwa bai kamata a bar wa na'ura ta gyara shi da kanta ba. Hassan da Hassana harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk rubutu ne ingantattu, kowa da yadda yake a takardunsa. Abin da ake bukata shi ne rajista ta dace da takardar harafi da harafi, don haka a ajiye yankin hoton a gefen rubutun da aka fitar, ma'aikaci ya duba su tare kafin ya amince.