An ƙara wa waya kashi 20, an rage kashi 20: me ya sa ba ta koma tsohon farashinta ba?

A ɗauka akwai wani matashi mai ɗan shagon waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Akwai wata waya da yake sayarwa Naira 150,000. Dala ta tashi, sai ya ƙara mata kashi 20 cikin 100 kamar yadda ya ga maƙwabtansa sun yi. Bayan wasu makonni dala ta sauko, kasuwa ta yi sanyi, sai ya sanar a WhatsApp cewa ya cire wannan kashi 20 ɗin, kaya sun koma yadda suke. Ya danna kalkuleta, ya rubuta abin da ta ba shi, ya ci gaba da ciniki. A zatonsa yana sayarwa a tsohon farashi ne, alhali kuwa Naira 144,000 yake karɓa. Naira 6,000 ta zube a kan kowace waya, kuma kalkuletar ba ta yi kuskure ba.

Ga yadda lissafin ya tafi. Kashi 20 na Naira 150,000 shi ne Naira 30,000, don haka bayan ƙarin wayar ta koma Naira 180,000. Da aka zo ragi kuwa, kuɗin da ke jikin wayar a ranar shi ne 180,000, kuma daga cikinsa za a cire kashi 20. Kashi 20 na 180,000 ya kama Naira 36,000. An ɗora 30,000, an sauke 36,000, sai aka tsaya a 144,000.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jin lamba ɗaya sau biyu. Ashirin a can, ashirin a nan, sai kunne ya ɗauka abu ɗaya ne. Amma "kashi 20" shi kaɗai bai faɗi ko nawa ne ba, sai an tambaya: kashi 20 na me? Rabin babban burodi ya fi rabin ƙaramin burodi girma, duk da cewa dukkansu rabi ake kiransu. A nan ma haka abin yake. An yi ƙarin ne a kan ƙaramin kuɗi, aka yi ragin a kan babban kuɗi, shi ya sa ragin ya fi ƙarin nauyi. Ragin ya cire kashi 20 na ainihin 150,000, wato 30,000, sannan ya sake cire kashi 20 na 30,000 ɗin da aka ɗora, wato 6,000. Wannan 6,000 ita ce giɓin.

Laifin batirin waya ne, a wani ɓangaren

Mai riƙe da waya yana da uzuri idan ya faɗa wannan rami, domin kason da ya fi gani a rayuwarsa, sau da yawa a yini, shi ne na cajin batiri, kuma shi da gaske ƙari da ragi suna soke juna. Waya tana kan 50, aka sa ta a caji ta kai 70, aka yi kallon bidiyo ta sauko da 20, ta koma 50 cif. Dalili kuwa shi ne, a kullum ana auna cajin ne da abu guda wanda ba ya motsi a tsakanin lissafin, wato cikakken batiri. Ɗaya cikin ɗari a kan 50 daidai yake da ɗaya cikin ɗari a kan 70.

Farashi ba shi da irin wannan tsayayyen ma'auni. Duk lokacin da aka canza shi, sabon kuɗin ne ke zama "ɗari", kuma a kansa ake yin lissafi na gaba. Da mai shagon nan ya ce zai rage kashi 20 na tsohon farashi, da 30,000 zai cire, ya koma 150,000 lafiya lau. Sai dai ba haka ake yin rangwame ba. Ko a shago, ko a manhajar sayayya, ana cire kason ne daga kuɗin da ke rubuce a lokacin.

Yadda ake gane girman giɓin ba tare da dogon lissafi ba

Ƙara kashi 20 daidai yake da ninka kuɗi da 1.2. Rage kashi 20 daidai yake da ninka shi da 0.8. Ana iya gwadawa a kalkuletar kowace waya:

```
150000 × 1.2 × 0.8 = 144000
1.2 × 0.8 = 0.96
```

Layi na biyu ya nuna cewa farashin wayar ma bai shigo ciki ba. Ko iyafis ce ta Naira 5,000, ko kwamfuta ce ta miliyan ɗaya, in dai an ƙara 20 an rage 20, kashi 96 na kuɗin farko ne zai rage. Kashi 4 ya tafi.

Akwai gajeriyar hanya da za a iya yi da ka: a ninka lambar da kanta, a raba da 100. Ashirin sau ashirin 400 ne, a raba da 100, ya ba da 4. Idan kashi 10 ne, giɓin kashi 1 ne kacal. Idan 30 ne, kashi 9. Idan 50 ne, kashi 25, wato kwata na kuɗin gaba ɗaya. Masu son ganin abin a ƙa'idar lissafi, ga ta, inda p yake nufin kason, kamar 0.2 a madadin kashi 20:

```
(1 + p) × (1 − p) = 1 − p²
```

Tunda lambar da aka ninka da kanta ba ta taɓa zama ƙasa da sifili, sakamakon kullum ƙasa da ɗaya yake, sai fa idan ba a ƙara komai ba tun farko. Wannan ne kuma ya sa abin yake ɓuya a ƙananan canje-canje. Ƙarin kashi 5 da ragin kashi 5 a kan wayar 150,000 Naira 375 kawai suke ci, kuɗin da bai kai na kwandon waya mai kyau ba, ba wanda zai lura. Ninka kason sau biyu kuwa yana ninka giɓin sau huɗu.

Juya tsarin ma ba ya gyara komai. Idan aka fara da ragi, 150,000 ta koma 120,000. Ƙarin kashi 20 a kan 120,000 shi ne 24,000, sai a sake tsayawa a 144,000. Masu harkar kirifto sun san zafin wannan: kwandalar da ta faɗi da kashi 50, in ta tashi da kashi 50 ta kai kashi 75 ne kawai na inda take a da. Sai ta ninka kanta, wato tashin kashi 100, kafin mai ita ya dawo da uwar kuɗinsa.

Nawa ya kamata a rage don a koma daidai?

Mai shagon nan 30,000 yake son cirewa daga 180,000. Idan aka raba 30,000 da 180,000 za a sami ɗaya bisa shida, kimanin kashi 16.7. Wannan ne ragin da zai mayar da shi 150,000.

Abin yana da tsari mai sauƙin riƙewa. Wanda ya ƙara ɗaya bisa biyar, sai ya rage ɗaya bisa shida. Wanda ya ƙara ɗaya bisa huɗu, wato kashi 25, sai ya rage ɗaya bisa biyar, wato kashi 20. Wanda ya ƙara rabi, sai ya rage ɗaya bisa uku. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin layin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 ba. Datar da a misali take Naira 1,000, da irin wannan ƙari ta zama 1,500. Don ta koma 1,000, ragin kashi 33.3 ake buƙata. Da za a rage kashi 50 ɗin cur, da ta faɗo 750, ƙasa da yadda take kafin ƙarin.

Ga mai sayarwa, kashi 4 ba ƙaramin abu ba ne, domin daga riba yake fita. Idan matashin nan ya saro wayar a kan 142,000, ribarsa a da 8,000 ce. Yanzu ta koma 2,000. Kashi 4 na farashi ya cinye kashi 75 na riba. Ya sayar da guda goma, ya yi asarar 60,000 ba tare da ya san ta inda ta bi ba.

Mai saye fa?

A zahiri mai saye ne ya ci moriya a wannan labari, tunda ya samu wayar da arahar 6,000. Amma shi ma akwai inda lissafin ke yi masa wasa da ido. A allo ya ga an ja layi a kan 180,000 an rubuta "20% OFF", sai ya ji kamar ya tsira da 36,000. Idan ya kwatanta da kuɗin wayar na watan jiya, 6,000 ce kaɗai ta shigo aljihunsa. Rangwamen gaskiya kashi 4 ne.

Wannan ma idan ƙarin da ragin sun zo daidai ke nan. Tunda ƙarin kashi 25 yana soke ragin kashi 20 gaba ɗaya, wayar 150,000 da aka ɗaga zuwa 187,500 sannan aka yi mata rangwamen kashi 20 za ta dawo 150,000 cif, ko kwabo bai ragu ba. Idan kuma an ɗaga ta zuwa 200,000, rangwamen zai sauko da ita 160,000, mai saye ya biya ƙarin 10,000 yana murnar ya sami garaɓasa. Ba lallai ne a ce ha'inci aka shirya ba, domin sau da yawa canjin dala da kuɗin shigo da kaya ne ke ɗaga farashi da gaske. Ko ma mene ne dalilin, kuɗin da aka ja wa layi ba ya gaya wa mutum nawa wayar take kafin a ɗaga ta.

Shi ya sa wanda ke tara kuɗin sayen waya zai amfana idan ya riƙa ɗaukar hoton farashinta a allo tun makonni kafin lokacin rangwame, irin na Black Friday da ake yi a watan Nuwamba. Ranar da tallar ta fito, sai ya raba sabon kuɗin da tsohon da ya ajiye. Idan ya raba 144,000 da 150,000 zai ga 0.96, alamar an sauko da kashi 4. Idan ya raba 160,000 da 150,000 zai ga kimanin 1.07, ma'ana wayar ta ƙara tsada da kusan kashi 7, ko da tallar na cewa an rage 20.